Yaya zan sanar da rangwamen mako guda ba tare da na zubar da darajar turarena ba?

Ummu_Safiyya_Jidda:
Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. Ina da ƙaramin shagon turare a nan Jidda, kuma shekara shida ke nan ban taɓa yin rangwame a bainar jama'a ba. Bana na sayi man oud na Kambodiya da yawa saboda aikin Hajji, alhazai sun koma gida, ga shi muna cikin Safar, saura kwalba 60 na rubu'in tola a hannuna, kuɗin hayar shago kuma ya gabato. Ina sayar da kwalba Riyal 230 haɗe da haraji. Ga abin da na rubuta domin in tura wa masu saye ta WhatsApp, in kuma liƙa a ƙofar shago:

"GAGARUMIN RANGWAME!!! Mun karya farashi! Ragi har zuwa kashi 50 a kan dukkan kayanmu! Ku hanzarta kafin su ƙare, dama ce da ba za ta dawo ba!"

Da na karanta wa maigidana sai ya ce sanarwar ta yi kama da ta mai shirin rufe shago. Ni ma raina bai kwanta da ita ba, domin yawancin masu saye a wurina mata ne da suke saya don kyautar biki ko tsarabar manya, kuma abin da ya kawo su shi ne sun yarda kayan nan ba na ko'ina ba ne. Ina neman wanda zai gyara mini kalmomin.

Bakano_BabSharif:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni ban ga aibun sanarwar ba. A Bab Sharif haka kowa yake rubutawa, kuma ana ciniki. Mai saye yana wucewa ne da sauri, idan bai ga babban adadi da jan rubutu ba, ba zai tsaya ba. Kashi 50 ɗin nan shi ne ƙugiyar, kada ki cire shi.

Akanta_Riyad:
Hajiya, kafin a taɓa kalmomi ina roƙon ki faɗa mana nawa kwalbar ta tsaya miki, kuma ko da gaske akwai kayan da za ki rage wa kashi 50. Amsar ita ce za ta nuna abin da ya kamata a rubuta.

Ummu_Safiyya_Jidda:
Kwalba ɗaya da kwalinta ta tsaya mini Riyal 120. Kashi 50 kuwa a kan wasu tsofaffin kaskon turare guda bakwai ne kawai da fentinsu ya koɗe. Man oud ɗin kashi 20 na yi niyyar ragewa.

Akanta_Riyad:
To, mu yi lissafin a fili. Daga Riyal 230 da mai saye yake biya, Riyal 30 harajin kashi 15 ne da za ki miƙa wa hukuma, naki 200 ne, ribarki 80 a kan kowace kwalba. Idan kika rage kashi 20, farashi ya zama Riyal 184, a ciki 24 haraji ne, naki 160, riba ta koma 40. Wato ragin kashi 20 a kan farashi ya cinye rabin ribarki, kuma sai kin sayar da kwalba biyu kafin ki sami abin da ɗaya take ba ki a da. Da za a yi wa man oud ɗin kashi 50, farashi zai zama 115, naki 100, kina asarar Riyal 20 a kowace kwalba.

Dalilin da ya sa na kawo wannan shi ne, sanarwarki ta yi alkawarin abin da ba za ki iya ba. Matar da ta karanta "har zuwa kashi 50 a kan dukkan kayanmu" za ta shigo da Riyal 115 a ranta, sai ki ce mata 184, ta fita tana jin an yaudare ta, alhali kuwa kin sadaukar da rabin ribarki dominta. Da tun farko 184 ta gani a rubuce, da murna za ta shigo. Ki cire kaskon nan bakwai daga sanarwar gaba ɗaya, ki ajiye su a gefen kanta, wanda ya tambaya ki sallama masa.

Dattijon_Misfala:
'Yata, Allah Ya yi wa kasuwa albarka. Na shafe fiye da shekara talatin ina sayar da turare a Makka, kuma abin da na gani shi ne ragi ba ya zubar da darajar kaya, rashin dalili ne yake zubar da ita. Idan mutum ya ga an sauke farashi ba a gaya masa me ya sa ba, shi zai nemo wa kansa dalili, kuma a sana'armu dalilin da yake fara zuwa zuciya biyu ne: ko an sirka man da wani abu, ko kuwa tun da can cutarsa ake yi a tsohon farashi. Duka biyun sun fi asarar Riyal 46 illa.

Saboda haka jumlar farko ta sanarwarki ta zama dalili, kuma dalilin ya zama gaskiya. Naki dalilin mai kyau ne, ba sai kin ƙirƙiri wani ba: kin kawo kaya domin Hajji, saura kwalba 60. Ba lallai ki ambaci hayar shago ba, wannan sirrinki ne, amma kada ki maye gurbinsa da ƙarya irin ta "bikin cika shekara" idan ba shekarar kika cika ba, domin tsofaffin masu saye sun san watan da kika buɗe.

Sannan ki dubi kalmomin da kika zaɓa. "Karya farashi" magana ce ta kayan gwari da la'asar ta yi musu a kasuwa. "Ku hanzarta" kuma tana nuna ke ce a matse, ba su ba. Iyayenmu sun ce araha ba ta ado, kuma matar da za ta kai wa surukarta tsaraba ba ta son a ce daga wurin da aka karya farashi ta ɗauko. Kalmar "rangwame" ita kaɗai ta isa, ko ma ki ce "farashi na musamman", ki bar alamar motsin rai da manyan baƙaƙe.

Hajjo_Aziziyya:
Ni dai shawarata kada ki taɓa rage wa alhazai tun a tayin farko. Idan kika ce 230 za su taya 100, sai ki ce albarka, a hankali ku haɗu a tsakiya. Wanda ya fara da ragi ya rasa wurin tsayawa.

Ummu_Safiyya_Jidda:
Na gode, Yaya Hajjo, amma ba cinikin baki nake nufi ba. A shagona farashi a rubuce yake a jikin kowace kwalba, ba a tayi. Rubutacciyar sanarwa nake magana a kai, ta 'yan kwanaki, ga mutanen gari da suka saba saye a wurina.

Hajjo_Aziziyya:
Na fahimta yanzu, ki yi haƙuri. To amma ko a hakan maganata tana da ɗan amfani: tunda kin saba musu da farashi ɗaya, ranar da suka ga ya motsa wasu za su fara taya ki a kan sauran kayan. Ki shirya amsar da za ki ba su.

MaiDabino_Madina:
Ina so in ba da labarin kuskuren da na yi da hannuna, domin ya shafi batun wa'adi. Shekara biyu da suka wuce na sanar da ragi a kan ajwa na kwana biyar. Ciniki ya yi kyau, sai na ƙara kwana biyar, na rubuta "saboda buƙatar jama'a". Bayan nan na sake ƙara mako guda. Da na mayar da farashi inda yake, mutanen da suka shekara suna saye ba gardama suka fara cewa in ba su a farashin kwanakin baya, wasu kuma suka daina saye suna jiran ragi na gaba. Na gane abin ya yi mini illa ne lokacin da saƙonnin da nake samu suka sauya daga "akwai ajwa babba?" zuwa "yaushe za a sake ragi?" Kusan wata huɗu na ɗauka kafin wannan tambayar ta ragu.

Abin da na koya shi ne, darajar kayan ba a ranar da aka fara ragi ake gwada ta ba, a washegarin ranar da aka rufe ne. Idan kin ce Talata ƙarfe goma na dare, to ranar Laraba da safe kwalbar ta koma 230, ko da saura ashirin a kan kanta, ko da ƙawarki ce ta zo. Kuma ki rubuta wannan a cikin sanarwar, cewa daga rana kaza farashi zai koma yadda yake. Wannan jumlar ta fi "dama ce da ba za ta dawo ba" ƙarfi, domin ita ana iya zuwa a duba a gani.

Bakano_BabSharif:
Ina girmama maganar Baba na Misfala, amma ku lura da cewa manyan kamfanonin turare a ƙasar nan kusan kullum cikin ragi suke, ka sayi ɗaya a ba ka ɗaya, kuma ba wanda ya ce kayansu sun zama na banza. Me ya sa ƙaramin shago zai fi su jin kunya?

Dattijon_Misfala:
Malam Bakano, tambayarka a kan hanya take. Babban kamfani yana da rassa a manyan kasuwanni da talla da suna da ya riga ya kafu, kuma ya tsara farashinsa tun farko da sanin cewa zai yi ragi. Mutane ma sun gane haka, shi ya sa da yawa ba sa saye a wurinsu sai lokacin ragi. Hajiya kuwa ta gaya mana ribarta 80 ce a kan 200, ba ta da wannan sararin, kuma jarinta na gaskiya shi ne matan nan sun yarda 230 farashin adalci ne. Kai a Bab Sharif mai wucewa kake sayar wa, wanda wataƙila ba za ka sake ganinsa ba, don haka jan rubutu yana yi maka aiki. Ita kuwa fuskoki ɗaya take gani shekara da shekaru.

Abu_Hanan_Sabil:
Akwai abin da ba a ambata ba tukuna, kuma ya fi kalmomi gaggawa. A Saudiyya ba a sanar da ragi a shago ko a shagon intanet sai da lasisin rangwame daga Ma'aikatar Kasuwanci, ana nemansa ta shafin ma'aikatar da rajistar kasuwancinki, kuma ana so a nuna shi inda mai saye zai gani. Haka kuma dole kowane kaya da ragin ya shafa ya kasance da takardar da ta nuna farashinsa kafin ragi da bayan ragi. Ƙara farashi gab da lokacin domin ragin ya yi girma a ido laifi ne, kuma mai saye yana iya kai ƙara ta lambar 1900. Ki sami lasisin kafin ki tura saƙo ko ɗaya, kuma kwanakin da kashin da ke cikin sanarwarki su zama daidai da waɗanda ke cikinsa.

Ni a ganina wannan dokar taimakonki take yi. Rubuta "Riyal 230, yanzu Riyal 184" yana tunatar da mai karatu ainihin darajar kwalbar a daidai lokacin da yake ganin ragin, abin da "kashi 20" shi kaɗai ba ya yi. Ki tabbata duka adadin biyu sun haɗa da haraji, kada a zo wurin biya a ga ƙari.

Maman_Rayyan:
Ni mai saye ce, ba 'yar kasuwa ba, kuma ina so ku ji ta ɓangarenmu. Na taɓa sayen abaya a wani shago da cikakken farashi ranar Lahadi, ranar Talata na ga sun sanar da ragi a kanta. Ba kuɗin ne ya dame ni ba, abin da ya yi mini ciwo shi ne mai shagon ta san ni, ta san za ta yi ragin, ta karɓi kuɗina ba ta ce komai ba. Ban sake komawa ba. Hajiya, ki duba littafinki ki ga waɗanda suka sayi man nan a makonni biyun da suka wuce, ki kira su da kanki kafin su gani a wurin wasu.

Ummu_Safiyya_Jidda:
Wallahi ban yi wannan tunanin ba. Na duba, mutum huɗu ne. Zan ba kowacce turaren wuta na kimanin bambancin kuɗin, ko ta riƙe Riyal 46 ɗin a sayayyarta ta gaba, wanda ta zaɓa.

Ɗan_Agadas_Makka:
Ni ina da ra'ayi dabam da na kowa. Man oud ba tumatir ba ne, idan mai kyau ne kuma an ajiye shi nesa da rana da zafi, daɗewa ƙara masa kyau take yi. Ga kuma masu Umra sun fara shigowa. Me zai sa a taɓa farashinsa? A al'adarmu akwai gyara: mai awo ba ya rage kuɗin mudu, sai dai ya ƙara maka ɗan hannu a kai. Hajiya ta bar kwalba a 230, duk wadda ta saya a makon ta ba ta ƙaramin gwangwanin turaren wuta. Idan gwangwanin ya tsaya mata Riyal 15, ribarta 65 ce maimakon 40, kuma babu wanda zai taɓa cewa ya ga man nan a 184.

Akanta_Riyad:
Lissafin Malam na Agadas daidai ne, kuma ta fuskar kare farashi gyara ta fi ragi. Sai dai mu tuna abin da ya kawo maganar: Hajiya kuɗi take buƙata a hannu kafin ranar haya. Gyara tana faranta wa wadda dama ta yi niyyar saye, amma ba kasafai take sa wadda ba ta shirya ba ta fito da kuɗi a wannan makon ba, ko ta sa mai sayen ɗaya ta ɗauki biyu. Idan kwalba 60 suka tafi a 184, bayan cire haraji Riyal 9,600 ne a hannunta. Idan gyara ta fitar da 25 kawai a 230, Riyal 5,000 ne, a cire kuɗin gwangwanayen, amma saura kwalba 35 da darajarsu ba ta motsa ba. Wanda ya fi ya danganta da nawa ne hayar, kuma ita kaɗai ta san wannan.

Bakano_BabSharif:
To idan ragin za a yi, me zai hana a jira Ranar Ƙasa, 23 ga Satumba? Lokacin kowa yana ragi, babba da ƙarami, ba wanda zai tambayi dalili.

Abu_Hanan_Sabil:
Wannan gaskiya ne, a Ranar Ƙasa da Ranar Kafuwa ta 22 ga Fabrairu da kuma ragin watan Nuwamba dalilin a shirye yake, ba mai zargin kayanka. Illarsa ita ce saƙon Hajiya zai shiga cikin ɗaruruwan saƙonni, kuma kashi 20 ɗinta zai tsaya kusa da masu rubuta 70. Idan ba za ta iya jira ba, ina ba da shawarar ta fara ranar 27 ga wata, domin ita ce ranar da ake biyan albashin ma'aikatan gwamnati, gidaje da yawa kuma a lokacin suke da sarari. Ta rubuta sunan ranar tare da kwanan wata na miladiyya, domin wasunmu da Hijiriyya suke lissafi, wasu da miladiyya, amma Laraba ba ta rikita kowa.

Ummu_Safiyya_Jidda:
Hayar ba za ta jira Satumba 23 ba, don haka ragin zan yi, kuma a kan man oud kaɗai. Ga sabon rubutun, ku duba mini:

"Assalamu alaikum. Daga man oud na Kambodiya da muka kawo domin Hajjin bana, saura kwalba 60 na rubu'in tola. Daga Laraba 27 ga Agusta zuwa Talata 2 ga Satumba, ƙarfe goma na dare, kwalbar Riyal 230 za ta kasance Riyal 184, haɗe da haraji. Man shi ne wanda kuka sani, a kwalbarsa da kwalinsa. Daga Laraba 3 ga Satumba farashi zai koma Riyal 230."

A ƙasa zan sa lambar lasisin da sunan shago.

Dattijon_Misfala:
Madalla, 'yata, wannan muryar mai shago ce da ta san abin da take sayarwa. Gyara ɗaya nake da shi. Jumlar "man shi ne wanda kuka sani" ki cire ta. Wanda bai yi zargin an sauya man ba, ke kika saka masa tunanin. Jumlar farko ta riga ta faɗa cewa daga kayan Hajji ne, waɗanda suka saya a Zulƙida sun san ƙamshinsa. Sannan hoton da za ki haɗa ya zama irin wanda kika saba sawa, kwalba ɗaya a wuri mai tsabta, ba tarin kwalaye a ƙasa ba, domin hoton tari yana faɗin "kwantai" ko da rubutun bai faɗa ba.

Maman_Rayyan:
Baba, a nan ina neman afuwa, ban yarda a cire jumlar ba. Mu masu saye muna yin wannan zargin ko an faɗa ko ba a faɗa ba, musamman a kan oud da kowa ya san ana sirkawa. Ni da na karanta jumlar hankalina kwanciya ya yi. Idan ana ganin ta yi kama da kare kai, a mayar da ita gayyata, a ce mai so yana iya zuwa shago ya shafa ya ji kafin ya saya.

Ɗan_Agadas_Makka:
Gayyatar ta fi, na yarda da Maman Rayyan. Amma har yanzu ina ganin adadin 60 ya yi yawa a faɗa. Mai karatu zai iya cewa ashe kayan bai tafi ba a lokacin Hajji.

MaiDabino_Madina:
Idan ba za a faɗi 60 ba, to kada a faɗi wani adadin da ba shi ba. Na san masu rubuta "saura goma" alhali kwali cike yake a ciki, sai mutum na goma sha biyar ya zo ya samu, ya gaya wa na farko. Ko ta rubuta gaskiyar adadin, ko ta ce "abin da ya rage" ta yi shiru. Ni na fi son 60 ɗin, domin yana nuna ragin yana da iyaka ta kaya bayan iyakar kwanaki. Tambayata ga Hajiya ita ce sau nawa za ki tura saƙon, domin sanarwa mai nutsuwa ma idan aka tura ta kullum har kwana bakwai ta zama roƙo.

Ummu_Safiyya_Jidda:
Sau biyu na yi niyya: ranar Talata da yamma ga tsofaffin masu saye, kowacce da sunanta, sannan tunatarwa ta layi ɗaya ranar Litinin, kwana ɗaya kafin a rufe. Jumlar da ake saɓani a kanta zan mayar da ita gayyatar zuwa a shafa. Adadin 60 kuwa zan kwana da shi tukuna, domin maganar Malam na Agadas ta tsaya mini a rai. Abu Hanan, don Allah idan kayan suka ƙare kafin Talata, in cire takardar ƙofar a ranar, ko in bar ta in rubuta a kanta cewa sun ƙare?

Abu_Hanan_Sabil:
Ki cire ta ƙofar a ranar, domin kada wani ya shigo saboda farashin da babu kayansa. Waɗanda kika tura wa saƙo kuma ki sanar da su da layi ɗaya cewa kwalaben sun ƙare, tare da godiya, a maimakon tunatarwar Litinin.